Rangwamen kashi 2 cikin kwana 10: a biya da wuri ko a jira kwana 30?

Rabi'u: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamfanin da nake sarin kaya a wurinsu sun fara ba ni kaya bashi. A ƙasan takardar kuɗin kayan an buga `2/10 net 30`, kuma jimillar kuɗin 500,000 ne. Na tambayi yaron da ya kawo kayan, ya ce wai idan na biya da wuri za a rage mini wani abu, amma bai iya faɗa mini nawa ba. Ni dai a ganina tunda sun ba ni wata guda, gara in riƙe kuɗina har ranar ƙarshe. Masu sani, don Allah a haska mini.

Zainab: Wa alaikumus salam. Biyu cikin goma ai kashi 20 cikin ɗari ke nan. Rangwamen 100,000 fa! Ɗan'uwa, ko rance ne ka ciwo ka biya yau yau.

Malam Nasiru: A'a Malama Zainab, ba rabawa ake yi ba. Lambobin kowace da aikinta. 2 ɗin rangwame ne, kashi 2 cikin ɗari. 10 ɗin kwanakin da rangwamen yake aiki ne. 30 ɗin kuma wa'adin ƙarshe ne da za a biya kuɗin cif, babu ragi. To Rabi'u, zaɓi biyu ke gabanka: ka biya 490,000 kafin kwana 10 su cika, ko ka biya 500,000 ranar kwana 30. Bambancin 10,000 ne.

Zainab: Ashe 10,000 ne kawai. To ai wannan bai kai a tayar da hankali ba.

Bashir: Ni ma haka na gani. Kashi 2 a wata, ka ninka sau 12, ya zama kashi 24 a shekara. Kusan abin da wasu masu ba da rance ke karɓa ne, don haka duk wanda ya zaɓa daidai ne, babu wata babbar asara.

Malam Nasiru: Bashir, ka kama hanya da ka mayar da shi lissafin shekara, don sai da haka ake iya gwada shi da wani abu. Amma wurare biyu lissafin naka ya zame.

Na farko, ba wata guda ake sayar wa Rabi'u ba. Kwana 10 na farko kyauta ne, ko zai karɓi rangwame ko ba zai karɓa ba yana da su. Abin da 10,000 ɗin nan take saya masa shi ne kwanakin da ke tsakanin 10 da 30, wato kwana 20. Shekara kuma tana ɗauke da irin waɗannan kwana 20 ɗin sau 18.25, ba sau 12 ba.

Na biyu, kuɗin da yake riƙewa ba 500,000 ba ne. Ranar kwana 10, da 490,000 zai kashe bashin gaba ɗaya. Saboda haka 490,000 ce ya riƙe, ya biya 10,000 a kanta. Ka raba 10,000 da 490,000, za ka samu kashi 2.04. Ka ninka da 18.25, ya ba ka kashi 37.2 cikin ɗari a shekara.

Ga yadda ake rubuta shi a `Excel` ko `Google Sheets`. A sa rangwamen a `A2` kamar 0.02, kwanakin rangwame a `B2`, wa'adin ƙarshe a `C2`:

```
=A2/(1-A2)*365/(C2-B2)
```

Wasu suna amfani da 360 maimakon 365, sai su samu 36.7. Wannan ba abin gardama ba ne, in dai duk abin da za ka gwada da shi da lamba ɗaya ka lissafa su.

Rabi'u: Malam, ka tsorata ni. Wato idan ban biya cikin kwana 10 ba za su ɗora mini kashi 37?

Malam Nasiru: Ko kusa. Babu wanda zai karɓi fiye da 500,000 a hannunka in ka biya ranar 30. Kashi 37 ɗin ma'auni ne. Ka ɗauka hayar kuɗi kake yi kamar yadda ake hayar shago: wani ya ce maka kwana 20 kaza ne, wani ya ce shekara kaza ne. Ba za ka san wanda ya fi tsada ba sai ka mayar da su ma'auni ɗaya.

Bashir: Malam Nasiru, har yanzu ban gamsu ba, kuma ga dalilina. A ce Rabi'u yana sarin kayan 500,000 kowane wata, bai taɓa karɓar rangwamen ba. A shekara ya rasa 10,000 sau 12, wato 120,000. Kayan da ya saya a shekarar kuma 6,000,000 ne. 120,000 cikin 6,000,000 kashi 2 ne cif. To ina 37 ɗin ta shiga? A aljihunsa dai kashi 2 ya rasa.

Malam Nasiru: Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan maganar, kuma lambobinka duk daidai ne. Inda muka rabu shi ne abin da kake raba 120,000 ɗin da shi.

Rabi'u bai taɓa riƙe 6,000,000 na kamfanin ba. Abin da yake riƙewa 490,000 ce, ta kwana 20, ya mayar, wata mai zuwa ya sake riƙe ta kwana 20. A shekara ya riƙe ta kwana 240 ke nan, sauran kwana 125 babu ita a hannunsa. Idan ka baje wannan a kan shekara gaba ɗaya, kamar mutum ne ya riƙe kusan 322,000 daga farkon shekara har ƙarshenta. To a kan wannan 322,000 ɗin ya biya 120,000. Raba ka gani, kashi 37.2 za ta dawo maka.

Kashi 2 naka yana amsa tambayar: nawa kayan suka ƙara tsada? Kashi 37 yana amsa wata tambayar daban: nawa na biya don in riƙe kuɗin mutane? Duk wanda zai yanke shawarar ranar da zai biya, ta biyun ce tasa.

Bashir: To, na ga inda ta fito. Amma zan dawo kan lambar nan, don na taɓa ganin an rubuta 44 ba 37 ba.

Alhaji Garba: Yara, ku bar ni in sa baki. Na daɗe ina karɓar kaya a kan irin wannan sharaɗin, kuma sau da yawa da gangan nake barin rangwamen ya wuce. Dalili kuwa, kuɗi a hannun ɗan kasuwa ba ya kwanciya. 490,000 ɗin nan in na sa ta a kayan da ke tafiya, cikin kwana 20 tana iya kawo mini ribar kashi 5 bayan na cire ɗawainiya. Wannan 24,500 ce. Don me zan bar 24,500 in bi 10,000? Ku masu biro kuna lissafi kamar kuɗin a ƙarƙashin matashi yake.

Malam Nasiru: Ranka ya daɗe Alhaji, maganarku gaskiya ce, kuma lissafin ma bayanku yake bi. Abin da yake cewa shi ne: in kuɗin zai kawo fiye da kashi 2.04 cikin kwana 20, a riƙe shi. In ba zai kawo ba, a biya. Kashi 5 ya fi 2.04 nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa guda biyu da ku kun san su da hannu, amma Rabi'u sabon shiga ne. Dole ribar ta zama ƙari ce, wato cinikin da ba zai yiwu ba sai da wannan kuɗin. Idan sito cike yake da kaya, masu saye ne suka yi ƙaranci, ƙara kaya ba ya ƙara ciniki, kuɗin ya tashi daga asusu ya kwanta a sito ne kawai. Sannan dole kuɗin ya dawo hannu kafin ranar 30. Ribar da ke rubuce a littafin bashi ba ta biyan kamfani.

Alhaji Garba: Wannan haka yake. Na ga waɗanda suka juya kuɗin kamfani a kayan da suka ƙi tafiya, ranar biya ta zo suna ta buga waya neman rance. Amma ni dai na san kayana.

Rabi'u: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ni kuɗin da nake da shi yanzu a asusu yake zaune, jiran ranar biya kawai yake yi. Ba ni da wani kaya da zan sa shi ciki a kwanakin nan.

Alhaji Garba: To kai ɗana, ka biya da wuri. Kuɗin da ke zaune babu dalilin da zai sa ka biya 10,000 don ya ci gaba da zama.

Zainab: Ni tambayata ita ce wanda ba shi da kuɗin a hannu fa? Ya ci rance ya biya, ko ya haƙura?

Malam Nasiru: A nan ne lissafin shekara yake nuna amfaninsa. Mu ɗauki misali, lambar ƙirƙira ce don a gane: akwai wanda zai ba shi rance a kan kashi 24 a shekara, ana lissafa masa kwana-kwana. Ya ari 490,000 ranar 10, ya biya kamfani, ya mayar da rancen ranar 30. Kuɗin ruwan kwana 20 zai kama kusan 6,444. Ya tsira da 10,000, ya biya 6,444, saura 3,556 a aljihunsa. Tunda 24 bai kai 37 ba, rancen ya fi araha.

Amma a kula da kuɗin da ake cira tun farko. Idan mai ba da rancen yana karɓar kashi 1 na buɗe fayil ko na hidima, wannan 4,900 ce a tashi ɗaya, ko kwana nawa ka riƙe kuɗin. Ka haɗa da 6,444, ya zama 11,344. Ka ga an wuce 10,000 ɗin da ake nema, an koma asarar 1,344. A rancen shekara guda kashi 1 ƙaramin abu ne, a rancen kwana 20 kuwa daidai yake da ƙarin kashi 18 a shekara. Haka ma idan an ce ba a karɓar biya kafin wata uku, to ruwan wata uku za ka lissafa, ba na kwana 20 ba.

Usman: Ni ba na cin rance mai ruwa kwata-kwata, to wannan lissafin bai shafe ni ba ke nan?

Malam Nasiru: Ya shafe ka, Malam Usman, ta hanyar da Alhaji ya kawo. Kai abin da za ka gwada da shi shi ne ribar da kuɗinka ke kawowa in ka bar shi cikin kasuwa kwana 20. Haka kuma idan kamfanoni biyu ko uku suna bin ka bashi da sharuɗɗa daban-daban, kuɗin hannunka kuma bai isa ka biya su duka da wuri ba, lissafin ne zai nuna maka wanda za ka fara biya. `1/10 net 30` yana ba da kashi 18.4. `2/10 net 60` yana ba da 14.9. `3/10 net 30` kuwa 56.4 ne. Ka lura na kashi 1 ya fi na kashi 2 tsada a nan, saboda kwanakin da ake sayar maka sun fi kaɗan. Ido yana zuwa kan rangwame, amma kwanakin ne suke juya lissafin.

Bashir: Na dawo kan 44 ɗina. Idan kowane kwana 20 ka samu kashi 2.04, ka mayar da shi cikin jari, ribar tana haihuwar riba. Lissafin daidai shi ne wannan:

```
=(1+A2/(1-A2))^(365/(C2-B2))-1
```

Yana ba da kashi 44.6. Don haka 37 ma ragi aka yi.

Malam Nasiru: Lissafinka daidai ne, 44.6 yake bayarwa. Amma yana ɗauka cewa duk ranar da kwana 20 suka cika, akwai wata takardar mai irin wannan rangwamen tana jiranka, kuma har 10,000 ɗin da ka tsira da ita za ta samu irin wannan ribar. Mai sarin kaya sau ɗaya a wata ba haka rayuwarsa take ba. Ni abin da nake yi shi ne in dubi yadda aka faɗi lambar da zan gwada da ita. In rance ne da aka ce kashi kaza a shekara ana lissafawa kwana-kwana ba tare da ɗora ruwa kan ruwa ba, 37 nake ɗauka. In lambar ta riga ta haɗa da ninkin, sai in ɗauki 44.6.

Bashir: Ni dai ina ganin 44.6 ce ta gaskiya, ɗayar kusantawa ce kawai. Kuɗin da ka tsira da shi ai ba ƙonewa yake yi ba, yana komawa kasuwa.

Malam Nasiru: Yana komawa, amma a kan ribar kasuwarka, ba a kan kashi 2.04 duk kwana 20 ba. Mu bar shi a nan, don a lamarin Rabi'u duk wadda ka ɗauka amsa ɗaya ce.

Musa: Ni kam ina da wata dabara. Kamfanin da nake hulɗa da su sharaɗinsu ɗaya da na Rabi'u, amma ba sa matsawa. Ranar 30 ta wuce babu mai kira. Sai kusan kwana 60 nake biya. To ni nawa ne nawa lissafin?

Malam Nasiru: In da gaske babu tara, kwanakin da ka riƙe kuɗin sun zama 50, lissafin ya sauko zuwa kashi 14.9. Wannan gaskiya ne, jinkiri yana rage tsadar a takarda. Amma ka juya bayan takardar ka karanta ƙananan rubutun. Da yawa suna sa tarar jinkiri. A ce kashi 1.5 ce a wata: ranar 60 za ka biya 507,500 a madadin 490,000. Bambancin 17,500 a kwana 50, wato kusan kashi 26 a shekara.

Hajiya Talatu: Musa, bari in amsa maka a matsayin wadda ke ɗaya ɓangaren, don ni bayar da kaya bashi nake yi. Rashin kira ba rashin lura ba ne. Kowane kwastoma yana da shafinsa, kuma ranar da ya biya ana rubutawa. Ba na faɗa da mai jinkiri. Amma ranar da kaya suka yi ƙaranci, ba shi ne zai fara samu ba. Ranar da ya nemi a ƙara masa yawan bashin da ake ba shi, zan ce a dakata. In zan sauya farashi, ba shi zan sassauta wa ba. Duk wannan kuɗi ne kake biya, sai dai ba ya fitowa a kalkuleta. Kuma alƙawari ka ɗauka na kwana 30, ɗana. In kana son 60, ka je ka nema a rubuta 60, sau da yawa ana yarda.

Musa: Hajiya, na ji. Amma su ma manyan kamfanonin da muke kai wa kaya haka suke yi mana, sai sun ga dama suke biya.

Hajiya Talatu: Suna yi, kuma ba daidai ba ne. Tunda maganar ta zo nan, Malam Nasiru, ka duba mini tawa matsalar, don ta fi ta Rabi'u ciwo.

Ina fitar da kayan kusan 4,000,000 a wata bashi. Kuɗi yana makalewa a waje, sai na sa rangwamen kashi 2 ga duk wanda ya biya cikin kwana 10, da niyyar in jawo masu jinkiri. Abin da ya faru shi ne, waɗanda suka karɓa su ne mutanen kirkin da dama can suke biya wajen kwana 15. Su ne rabin cinikina. Masu kai wa kwana 50 kuwa ko gezau, suna nan yadda suke. Yanzu duk wata 40,000 tana fita, kuma ban ga wani sauƙi ba.

Malam Nasiru: Hajiya, lissafin ɗaya ne, sai dai ku ne masu biya yanzu. Kuma wurin da masu sayarwa suka fi yin kuskure shi ne su sa 30 a lissafin saboda ita ce a rubuce. Abin da za a sa shi ne ranar da kwastoman yake biya a zahiri kafin a kawo rangwamen.

Mutanenku na kirki sun matso daga kwana 15 zuwa 10. Kwana 5 kuka saya da kashi 2. A ma'aunin shekara wannan kusan kashi 149 ne. Da mai kwana 50 ne ya matso zuwa 10, kwana 40 kuka saya da kuɗi ɗaya, ya kama kashi 18.6, wanda ana iya zama a yi shawara a kansa. Rangwame ɗaya, farashi biyu da ba su da alaƙa, ya danganta da wanda ya miƙo hannu.

Sannan ku dube shi ta fuskar riba. Nawa ke rage muku a kan kaya bayan an cire komai?

Hajiya Talatu: Ba ya wuce kashi 8.

Malam Nasiru: To a kan 2,000,000 ɗin nan ribarku 160,000 ce, rangwame ya ɗauke 40,000. Kashi ɗaya cikin huɗu na ribar ke nan, ana ba mutanen da ba su taɓa ba ku wahala ba. Kuma ba abin mamaki ba ne da masu jinkirin ba su motsa ba. Wanda ya bar rangwamen da ya kai kashi 37 ya wuce shi wata bayan wata, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuɗinsa yana kawo masa fiye da haka kamar Alhaji, ko kuma babu kuɗin ne a hannunsa kuma babu mai ba shi rance. Na ukun nan shi ne abin sa wa ido, don alama ce da ke fitowa tun kafin mutum ya daina biya gaba ɗaya.

Bashir: Amma Hajiya, kada a manta rangwamen yana rage haɗarin cinye bashi. Kuɗin da ya shigo ranar 10 ya shigo ke nan, ba zai ɓata ba. Wannan ma riba ce da lissafin bai nuna ba.

Hajiya Talatu: Bashir, waɗanda ke biya ranar 10 ba su ne masu cinye bashi ba. Ban taɓa kwana da fargabarsu ba.

Bashir: Yau haka ne. Amma in kika janye rangwamen, wani mai sayarwa ya ba su, ina za su? Wataƙila 40,000 ɗin ita ke riƙe miki su.

Hajiya Talatu: Wannan kam ban musa ba, shi ya sa har yanzu ban janye ba.

Rabi'u: Na gode ƙwarai. Wani abu kuma: daga yaushe ake fara ƙirga kwana 10 ɗin? Takardar tana ɗauke da kwanan watan 3, kayan kuma sai ranar 7 suka iso.

Malam Nasiru: In ba a rubuta wani abu daban ba, daga ranar da ke kan takardar ake farawa, ba ranar da kaya suka iso ba. Naka rangwamen zai ƙare ranar 13, wato kwana 6 kawai ke hannunka bayan isowar kaya. In ka ga `ROG` a gefe, daga ranar karɓar kaya ne. In ka ga `EOM`, ƙirgar tana farawa daga ƙarshen watan da aka rubuta takardar, ko da yake kamfanoni suna ɗan bambanta a yadda suke fassara shi.

Ka kira akawunsu ka tambayi abu uku, kuma ya turo maka amsar a rubuce: ranar ƙarshe ta rangwamen, ko ranar da ka tura kuɗi ake dubawa ko ranar da ya shiga asusunsu, da kuma ko rangwamen ya hau kan jimillar takardar ne ko kan kuɗin kaya kawai ban da kuɗin mota da haraji. Abin da za ka guje wa shi ne kuɗinka ya isa ranar 14 ko 15. A nan ka rasa rangwamen, kuma ka rasa sauran kwanakin da kake da haƙƙin riƙe kuɗinka. In kwana 10 ɗin sun kuɓuce maka, babu dalilin biya kafin kwana 30 su cika.

Rabi'u: Na kira su. Sun ce ranar 13 ce, kuma sai kuɗin ya shiga asusunsu. Rangwamen a kan jimilla yake. Sai dai da na duba, abin da zan iya fitarwa ba tare da na taɓa kuɗin albashin yara ba 245,000 ne. Akawun ya ce suna karɓar rabin biya da rangwamensa. Nawa za a cire mini daga bashin?

Zainab: 245,000 da kashi 2 nata, wato 249,900 ko?

Malam Nasiru: Kin kusa, amma rabawa ake yi da 0.98, ba ƙara kashi 2 ba. Kowace 98 da ya biya tana kashe bashin 100. 245,000 a raba da 0.98 ya ba da 250,000 cif. Saura 250,000 ranar kwana 30. Rabi'u, ka tabbata haka aka rubuta a shafinka, don wasu akawun suna yin lissafin irin na Malama Zainab. A nan bambancin 100 ne kacal, amma a manyan kuɗi yana girma. Kuma ka yi daidai da ba ka taɓa kuɗin albashi ba.

Hajiya Talatu: Malam Nasiru, saura guda ɗaya da ta fi ba ni haushi. Akwai kwastoma biyu da ke biya ranar 25, amma su cire kashi 2 da kansu, su turo ragowar kamar babu abin da ya faru. Ɗayansu babba ne, cinikinsa ya fi na kowa.

Malam Nasiru: Wannan rangwame ne da ba su cancanta ba. Suna da haƙƙin riƙe kuɗin har ranar 30, sun biya ranar 25, kwana 5 ke nan kuka samu a kan kashi 2, mun koma 149 ɗin nan. Abin da ake yi shi ne a rubuta abin da suka turo a matsayin biyan da bai cika ba, a bar ragowar a shafinsu a matsayin bashi, a tura musu takardar ragowar a makon, tare da kwanan watan da kuɗinsu ya shigo. In aka yi shiru sau biyu ko uku, su a wurinsu sharaɗin ya zama `2/25` ke nan, kuma dawo da shi yana da wuya.

Alhaji Garba: Hajiya, ƙaramin ki tura masa takarda. Babban kuwa ki je da kanki ki zauna da shi. Irin waɗannan in takarda ta riga ki isa, sai su ɗauka raini ne, ki rasa ciniki a kan 2 cikin ɗari.

Hajiya Talatu: Alhaji, in na je me zan ce masa? In na bar masa, sauran za su ji, kowa ya fara cirewa. In na hana shi, yana da inda zai koma.

Bashir: Ki ba shi nasa sharaɗin daban a rubuce, kashi 1 in ya biya cikin kwana 15. Ya samu wani abu, ke ma kin rage asara.

Malam Nasiru: `1/15 net 30` ya kama kashi 24.6 idan aka gwada da ranar 30. Amma tunda ranar 25 yake biya, kwana 10 za a saya, wato kusan kashi 36.9. Ya fi halin da ake ciki yanzu sauƙi sosai, in har zai cika ranar 15 ɗin.

Hajiya Talatu: In har zai cika. Wanda bai ji nauyin cire kashi 2 ranar 25 ba, me zai hana shi cire kashi 1 ranar 28? Zan fara fito da shafinsa na wata shida in ga ranakun da ya biya da abin da ya cire, sannan in san da wace magana zan je masa.